Na ɗora fuska kan fuska, idanu sun zauna amma hanci ya zame gefe

Sadiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina aikin kammala karatuna ne a kan ƙaramar manhajar musanya fuska, da Python da OpenCV da dlib. Hotona da na yayata nake gwaji da su, da saninta. Na kai inda dlib ke fito mini da ɗigo 68 a kan kowace fuska, masu nuna inda idanu da gira da hanci da baki da haɓa suke, na ɗauki tsakiyar idanu biyu na daidaita su, sannan na haɗe da `cv2.seamlessClone`. Launin fata ya haɗu tsaf, ba a ganin gaɓa. Amma hancina ya sauka a gefen nata, har ana hango inuwar hanci biyu, kuma girar hagu ta ninku. Kwana uku ke nan ina canja lambobin haɗe launi, babu abin da ya sauya. A ina nake kuskure?

Auwal: Wa alaikumus salam. Ɗigo biyu sun yi kaɗan, ƙanwata. An ba ki 68, kin ɗauki idanu kawai kin watsar da sauran. Ki zuba dukansu cikin `cv2.estimateAffine2D`, shi zai nemo lissafin da ya fi dacewa da duka. Yawan ɗigo shi ne yawan daidaito.

Malam Bashir: Sadiya, ki bar `seamlessClone` ya huta tukuna, ba shi da laifi. Aikinsa launi da haske ne, ba ya matsar da hanci ko da fiksel ɗaya. Abin da kike gani ya lalace ne tun kafin a zo kansa. Turo mana lambobi uku na kowace fuska: tsakiyar idon da ke hagun hoto, wato matsakaicin ɗigo 36 zuwa 41, tsakiyar ɗaya idon, 42 zuwa 47, da kan hanci, ɗigo na 30.

Sadiya: To Malam. A hotona idanu suna (200, 300) da (300, 300), hanci (250, 360). A na yayata idanu (410, 250) da (530, 300), hanci (452, 352). Na ɗan daidaita lambobin don su yi sauƙin karantawa, amma bambancin bai kai fiksel ɗaya ba.

Malam Bashir: Madalla, da waɗannan ma za mu gano ciwon. Mu bi shi a hankali.

Tsakanin idanunki akwai fiksel 100, kuma a miƙe suke, ba karkata. A hoton yayarki, daga ido zuwa ido an tafi 120 a kwance, an sauka 50. Idan kika auna tsawon wannan layin zai ba ki 130. Ke nan fuskarta ta fi taki girma a hoto da ninki 1.3, kuma ta karkatar da kai da kusan digiri 22.6. Abubuwa uku kawai ake yi wa fuskarki don ta hau tata: a ƙara mata girma, a juya ta, a matsar da ita. Ga lissafin da ke yin haka:

```
x' = 1.2*x - 0.5*y + 320
y' = 0.5*x + 1.2*y - 210
```

1.2 ɗin nan shi ne 120 a raba da 100, 0.5 kuma 50 a raba da 100. Ki gwada da idonki na farko, (200, 300): zai kai ki (410, 250) cif. Na biyu zai kai ki (530, 300). Shi ya sa idanu suka zauna miki, dole ne su zauna, domin da su aka gina lissafin.

Yanzu saka hancinki, (250, 360). Zai sauka a (440, 347). Hancin yayarki kuwa yana (452, 352). Tazarar 12 a kwance, 5 a tsaye, wato fiksel 13, kashi ɗaya cikin goma na faɗin da ke tsakanin idanunta. A fuska wannan ba ƙaramin abu ba ne, ido yana kama shi nan take.

Amma abin da nake so ki lura da shi shi ne inda kuskuren ya dosa. 12 da 5, ai hanya ɗaya ce da 120 da 50. Hancin bai yi sama ko ƙasa ba, ya zame ne a kan layin idanu, zuwa wajen ido na biyu. Da a ce hancinta ya fi naki tsawo ne, da kuskuren ya bi tsawon fuska. Tunda ya bi faɗi, ina kyautata zaton yayarki ba kyamara take kallo kai tsaye ba, ta ɗan waiga. Duba hoton, kunnenta ɗaya bai fi ɗaya fitowa ba?

Sadiya: Wallahi haka ne Malam! Kunnen da ke hagun hoto ya fito sosai, ɗayan kuwa da ƙyar ake ganinsa. Ni karkatar kan kawai na lura da ita, ban kula da waigen ba.

Malam Bashir: To nan ne gizo ke saƙa. Karkata kai zuwa kafaɗa, juya hoto yana gyara ta, domin a shimfiɗe take faruwa kamar ki juya takarda a kan tebur. Waige kuwa wani abu ne daban. Hanci tsini ne da ya fito gaba, ya fi idanu kusa da kyamara, saboda haka idan kai ya waiga shi ne ke fara gudu gefe, kunci ɗaya ya buɗe, ɗaya ya matse. Babu yadda za ki ja ko ki juya hoton da aka ɗauka gaba da gaba ya ba ki wannan.

Auwal: Malam, ai maganata ke nan. Da ta saka hanci da baki da haɓa a lissafin, da ba su zame ba.

Malam Bashir: Rabin maganarka gaskiya ce, Auwal. Ɗigo biyu suna da haɗari: idan dlib ya kuskure ido ɗaya da fiksel uku, kuskuren zai shiga girma da juyi gaba ɗaya, babu wani ɗigo da zai ja shi baya. Ƙara ɗigo yana raba kuskuren. Inda na rabu da kai wuri biyu ne.

Na farko, `estimateAffine2D` yana da lambobi shida da yake da 'yancin sauyawa. Yana iya miƙe fuska a faɗi ba tare da tsawo ba, yana iya goce ta ta zama kamar ginin da ya jingina. Zai rage tazarar ɗigogi a lissafi, amma mai doguwar fuska zai koma mai zagayayya, kamannin da ake son ɗaukowa sun tafi. Wanda ake so shi ne `estimateAffinePartial2D`, mai lambobi huɗu: girma ɗaya, juyi ɗaya, matsawa biyu. Irin lissafin da na yi a sama ne, sai dai yana karɓar ɗigogi da yawa ya nemi tsakiyarsu.

Na biyu, ɗigogin ba darajarsu ɗaya ba. Kusurwar ido wuri ne takamaimai a jikin mutum, duk inda ya juya tana nan. Amma 0 zuwa 16, na muƙamuƙi da haɓa, gefen fuska ne kamar yadda kyamara ta hango shi. Mutum na waigawa, gefen ya koma wani wurin a kan kunci. Leɓɓa, 48 zuwa 67, suna tafiya da murmushi da magana. Gira, 17 zuwa 26, tana ɗagawa. Ɗigo 20 na baki da 17 na muƙamuƙi sun fi rabin 68, to idan ka zuba duka, waɗanda suka fi rawa su ne za su rinjayi lissafin. Ni idanu nake ɗauka da karan hanci, 27 zuwa 30, wani lokaci da kusurwoyin baki biyu, 48 da 54.

Ɗanjuma mai hoto: Ku gafarce ni in shigo da tawa. Ni ba na rubuta manhaja, shagon hoto gare ni, yaron shagona ne yake taɓa irin wannan. Matsalarmu hoton taron biki. Za ka ɗauki mutum goma sha biyar, kowa ya yi kyau, sai uban ango ya ƙifta ido. Akwai wani hoton da idonsa ke buɗe, sai mu so mu ɗauko fuskar daga can. Mutum ɗaya ne, rana ɗaya, amma idan dattijo ne mai gemu da hula sai abin ya ƙi. Na ga yaron ya kunna ɗigogin a kan wani hoto, layin haɓa ya bi ta tsakiyar gemu, na gira kuma ya hau bakin hula. Me ke kawo haka?

Malam Bashir: Alhaji Ɗanjuma, abin da kuka gani da idonku shi ne halin wannan manhajar. Ba ganin haɓa take yi ba. Hanyar da dlib ke bi ta fito ne daga aikin Kazemi da Sullivan na 2014. Da farko wani ɓangare daban yana zana akwati a kewayen fuska. Sai a ɗora matsakaiciyar fuska, wadda aka samo daga hotunan horarwa, a cikin akwatin. Daga nan sai ta riƙa kwatanta hasken fiksel biyu-biyu a kusa da ɗigogin, wannan ya fi wancan duhu ko haske, tana ɗan tura kowane ɗigo, zagaye bayan zagaye, har ta tsaya. Ko an rufe haɓa ko ba a rufe ba, sai ta ba da 68 cif, kuma ba za ta ce muku wannan na gani, wannan na ƙiyasta ba. Idan gemu ya rufe gefen fuska, ko hula ta sauko kan gira, ko mayafi ya rufe kunci, za ta kama layin duhu da haske mafi kusa ta zauna a kai.

Maganin a wajenku mai sauƙi ne, tunda idanu kawai kuke nema. Yaron ya daidaita da kusurwoyin idanu da karan hanci, ya yanko abin da ke tsakanin gira da saman kunci kaɗai, ya bar gemu da hula na hoton asali. Abu ɗaya kuma da ya kamata ku sani: fayil ɗin `shape_predictor_68_face_landmarks.dat` an horar da shi ne da tarin hotunan 300-W, kuma masu dlib da kansu sun rubuta cewa sharaɗin tarin bai yarda da amfanin kasuwanci ba. Ga ɗaliba ba damuwa, ga shago kuwa a duba.

Maman Hanan: Ni tambayata, waɗannan ɗigogin su ne waya ke amfani da su ta gane mai ita ta buɗe? Idan haka ne, duk wanda ya samu ɗigo 68 na fuskata ya samu mabuɗin wayata ke nan?

Auwal: A'a Hajiya, ɗigogin ba sa faɗin ko wane ne mutum. Suna faɗin inda ido yake da inda baki yake ne kawai. Masu gane fuska ma suna amfani da su, amma don su miƙe fuskar kafin wani ɓangaren daban ya duba ta.

Maman Hanan: To na ji. Amma dai hankalina bai kwanta da abin ba. Wata 'yar unguwarmu an ɗora fuskarta a hoton da ba nata ba, aka yaɗa, sai da maganar aurenta ta tsaya. Sadiya, ki yi karatunki, Allah ya ba da sa'a, amma don Allah kada ki taɓa hoton kowa ba da izininsa ba.

Sadiya: Amin Mama, na gode. In sha Allahu ba zan yi ba. Hasali ma babi na ƙarshe na aikin a kan gane hoton da aka yi wa haka ne, shi ya sa nake son in fahimci inda yake lalacewa.

Malam, na sauya zuwa `estimateAffinePartial2D` da ɗigogin idanu da karan hanci. Hancin ya matso, amma yanzu idanu sun ɗan goce, kamar an raba kuskuren ne tsakaninsu. Kuma wani abin mamaki, ɗigogi da yawa sun fito da sifili a abu na biyu da yake mayarwa.

Malam Bashir: Raba shi aka yi, kin faɗi daidai. Waigen yana nan, an dai shimfiɗa shi ne. Sifilin kuma ga dalilinsa: idan ba ki faɗa masa komai ba, wata hanyar tace ɗigogi mai suna RANSAC yake amfani da ita, da iyakar fiksel 3. Duk ɗigon da ya kauce fiye da haka sai ya ɗauke shi a matsayin bare ya jefar. An yi wannan ne don hotuna biyu na abu ɗaya. Fuskokin mutum biyu kuwa da wuya duk ɗigoginsu su haɗu cikin fiksel 3, to sai ya jefar da masu kyau. Gwada haka:

```python
M, _ = cv2.estimateAffinePartial2D(src, dst, method=cv2.LMEDS)
out = cv2.warpAffine(img, M, (w, h))
```

Ko ki yi amfani da hanyar Umeyama ta 1991, wadda ke ɗaukar duk ɗigogin da kika ba ta ba tare da jefar da ko ɗaya ba. Tana cikin `SimilarityTransform` na scikit-image.

Sauran tazarar kuma, mataki na biyu ne ke cinye ta. Bayan fuskar ta hau wurinta, sai a yanka ta ƙananan alwatika, kowace kusurwa a kan ɗigo, a ja kowace alwatika daban ta hau takwararta a ɗaya fuskar da `cv2.getAffineTransform`. A nan ne duk 68 ke da amfani, Auwal. Sai dai ki kiyaye abu biyu. Ki yanka alwatikan a fuska ɗaya kawai da `cv2.Subdiv2D`, ki adana lambobin ɗigoginsu, misali 30 da 31 da 39, ki yi amfani da jerin nan a fuska ta biyu. Idan kika yanka kowace fuska daban, jerin ba zai zo ɗaya ba, za ki ga fuska ta tarwatse kamar fasasshen madubi. Sannan cikin baki, 60 zuwa 67, ki bar shi ga mai hoton asali. Idan bakinki a rufe yake nata a buɗe, siririn layin da ke tsakanin leɓɓanki ne za a miƙe ya cike gurbin haƙora.

Nura: Ni ban ga dalilin wannan wahalar ba a yau. MediaPipe yana ba da ɗigo 468, har da zurfi, kuma yana gudu a waya. Sababbin manhajojin musanya ma ba sa yanka alwatika.

Malam Bashir: Gaskiya ne ba sa yanka, amma ba su tsallake daidaitawa ba. Dubi InsightFace: ɗigo biyar kawai yake ɗauka, idanu biyu, kan hanci, kusurwoyin baki biyu. Yana da ma'aunin wuri ajiye, hoto mai fiksel 112 a 112, inda ido ɗaya ke kusa da (38, 52), ɗayan kusa da (74, 52). Kowace fuska sai an ja ta zuwa wannan ma'aunin da lissafi mai lambobi huɗun nan. Ba a ɗora fuska kan fuska kai tsaye, kowacce ana kai ta wuri ɗaya ne, a yi musanyar a can, sannan a juya lissafin a mayar da sakamakon cikin hoton. Idan ɗigo biyar ɗin suka kauce, abin da aka mayar ma zai kauce.

Nura: Na yarda da wannan. Amma a bidiyo na gwada dlib, mutum yana zaune shiru, fuskar da aka ɗora tana ɓari kamar mai jin sanyi. Da MediaPipe abin ya ragu sosai. Don haka ni har yanzu ina ganin yawan ɗigo yana da tasiri.

Malam Bashir: Ɓarin na san shi. dlib yana duba kowane hoto na bidiyon kamar bai taɓa ganin na baya ba, akwatin ya motsa kaɗan, ɗigogi su motsa da fiksel ɗaya ko biyu. Ni ina danganta sauƙin da ka gani da cewa MediaPipe yana bin fuskar daga hoto zuwa hoto, ba da yawan ɗigon ba. Ka gwada haɗa ɗigogin yanzu da na baya, kashi 60 da 40, ka gani. Sai dai idan ka matsa da yawa, mutum zai juya kai fuskar ta biyo shi a makare.

Nura: Zan gwada, amma ban sauka daga ra'ayina ba tukuna.

Auwal: Wata dabara ga Sadiya: idan akwai hotonki da kika waiga ɗaya gefen, ki kifa shi da `cv2.flip(img, 1)` ya koma gefen da yayarki ta waiga. Ki dai sake nemo ɗigogin bayan kifawar, kada ki kifa tsofaffin, in ba haka ba 36 zai koma wurin 45.

Ɗanjuma mai hoto: Wannan kifawar a yi hattara da ita. Mun taɓa yi wa wani dattijo mai bille a kunci ɗaya, billen ya koma ɗaya kuncin. Mu ba mu lura ba, 'yarsa na karɓar hoton ta ce wannan ba Baba ba ne. Sai da muka sake wankewa.

Sadiya: Ga inda na kwana. Na sa yayata ta ɗauke ni sabon hoto na ɗan waiga kamar yadda ta yi. Da idanu da karan hanci kawai, tazarar hanci ta sauko daga 13 zuwa 4, alwatika suka cinye sauran. Girar da ta ninku kuma na gano dalilinta: shacin da na yanka da `cv2.convexHull` ya tsaya daidai kan girata, tata kuma ta fi tawa sama, sai ta leƙo ta samansa. Na haɗa shacin fuskokin biyu, ta rufu.

Saura abu ɗaya. Kafin `seamlessClone` komai yana wurinsa, bayansa sai duk fuskar ta sauko da kamar fiksel shida. Malam, ba kun ce ba ya matsar da komai ba?

Malam Bashir: Ba ya matsar da hanci ya bar ido, amma yana ajiye dukan yankin a inda kika nuna masa. Me kika ba shi a matsayin tsakiya?

Sadiya: Kan hanci, ɗigo na 30.

Malam Bashir: Shi ne. Tsakiyar akwatin da ya kewaye shacin yake nema, ba tsakiyar fuska ba:

```python
x, y, w, h = cv2.boundingRect(hull)
center = (x + w // 2, y + h // 2)
```

Sadiya: Ya zauna! Allah ya saka da alheri. Amma na gwada tsohon hoton nawa na gaba da gaba da wani nata da ta waiga sosai, ido ɗaya ya kusa ɓuya bayan hanci. Kuncin nesa ya matse ya zama siriri, na kusa ya miƙe har ya dushe. A wani hoton ma dlib bai ga fuskar ba sam.

Malam Bashir: Mai nemo fuska na dlib, `get_frontal_face_detector`, sunansa ma ya faɗa, na gaba da gaba ne. Kuncin da ya dushe kuwa, fiksel kaɗan aka miƙe su rufe wuri mai faɗi, hotonki bai ɗauki gefen fuskarki da yawa ba balle a samo shi. Ni a aikina idan tazarar hanci bayan daidaitawar farko ta wuce kashi ɗaya cikin goma na faɗin idanu, ina sa manhajar ta ƙi hoton ta nemi wani. Wannan iyakar tawa ce daga gwaji, ki auna taki da hotunanki.

Nura: Ko kuma ta ƙiyasta juyawar kan da `cv2.solvePnP` ta daidaita a fili mai zurfi. Sadiya, turo mini hotunan biyu idan yayarki ta amince, in gwada da ɗigo 468 mu ga ko kuncin zai tsira.

Sadiya: Bari in tambaye ta idan ta dawo daga aiki.